Ciniki ne ya faɗi, ko mai ƙirga ne ya yi barci?

Ranar wata Litinin da hantsi Hajiya ta kira ni, muryarta babu daɗi. Tana da shagon takalma da jakunkunan fata a Yamai, kayan da take sarowa daga dukawan Tahoua, kuma wani ɓangare mai kauri na cinikinta ta shafinta na intanet yake zuwa. Ta ce, "Malam, kasuwa ta mutu. Rahoton nan ya nuna mini tun Laraba ciniki ya zube. Zan dakatar da tallar nan, kuɗina kawai take ci."

Hujja kuwa tana da ita a hannu. A Google Analytics 4, wato GA4, manhajar Google da ke ƙirga masu shiga shafi da abin da suka saya, cinikin da ake ƙirgawa ya sauko daga kamar 33 a rana zuwa 12. Bayani ma ba ta rasa ba: salla ta wuce, aljihu ya bushe, ga ƙarshen wata albashi bai shigo ba. Duk wanda ka gaya wa haka zai gyaɗa kai. Abin da ke sa irin wannan matsala ta daɗe ba a gano ta ba ke nan, a kowane mako na shekara akwai dalilin da za a jingina wa faɗuwar ciniki, in ba zafi ba damina, in ba azumi ba komawar yara makaranta.

Na tambaye ta, "Hajiya, yaron da ke kai kaya a babur, ya rage fita ne?" Ta yi jim, ta ce a'a, jiya ma sai bayan magariba ya dawo.

Kafin a shiga binciken, sai an san yadda lambar nan take zuwa. Rahoton ba ya leƙa asusun kuɗinka, ba ya ganin kayan da suka fita daga shago. Abin da yake gani saƙo ne. A cikin shafin akwai ɗan guntun rubutun kwamfuta da ake kira tag, aikinsa shi ne idan mai saye ya kammala biya, ya aika wa Google ɗan saƙo daga wayar mutumin cewa an yi ciniki na kuɗi kaza. Kamar yaro ne da ka zaunar a bakin ƙofa yana jefa tsakuwa a kwano duk sanda wani ya fito da leda. In yaron ya yi gyangyaɗi, ko an buɗe wata ƙofar ta baya ba a gaya masa ba, tsakuwa za ta ragu a kwano, shago kuma yana ta ciniki abinsa.

Saboda haka tambayar farko ba "me ya sa mutane suka daina saye" ba ce. Tambayar ita ce, wa kuma ya shaida faɗuwar nan banda yaron ƙofa? Shaidan da ake nema shi ne wanda labarinsa bai bi ta tag ba: jerin oda da ke cikin rumbun shafin, saƙonnin shigowar kuɗi a wayar shago, ko littafin da ake rubuta kayan da aka bai wa mai babur. Hajiya ta ce ai Meta, kamfanin Facebook, ma ta nuna faɗuwar, ashe shaidu biyu ke nan. Da na duba sai na ga tag ɗin Meta da na Google duk a cikin Google Tag Manager suke, manhajar da ake tara tag a ciki ana sarrafa su, kuma sharaɗi ɗaya ne ke tayar da su. Mutum biyu da suka ji labari daga baki ɗaya, shaida ɗaya ce.

Muka buɗe jerin odar. A makon da ya gabaci faɗuwar, oda 40 ake samu a rana in an yi matsakaici. Daga Laraba zuwa Lahadi, 36.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure na biyu. Suna ganin 40 a littafi, 33 a rahoto, sai su ce ai tun can ma abin a lalace yake. Ba haka ba ne. Lambobin nan biyu ba sa taɓa zuwa daidai, kuma ba a sa ran su zo. Wani yana da manhajar toshe talla a burauzarsa, tana toshe tag ɗin tare. Wani layinsa ya yanke kafin shafin ƙarshe ya gama buɗewa, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu. Wani kuma da ya sa lambar sirrinsa ya ga saƙon an cire kuɗi, sai ya rufe shafin ya kama gabansa, bai jira an mayar da shi shafin godiya ba. Abin lura ba tazarar ba ce, tsayuwar tazarar ce. A shagon Hajiya, 33 cikin 40 kashi 82 ne da ɗoriya cikin ɗari, kuma da muka koma baya wata biyu, kullum tsakanin 78 da 88 yake yawo. Daga Laraba sai ya koma 12 cikin 36, wato kashi 33. Masu saye ba su da hanyar sauya wannan kason cikin dare ɗaya. Ko duk garin ya talauce, littafi da rahoto tare za su sauka, kason ya tsaya inda yake.

Saukar 40 zuwa 36 fa? Wataƙila ƙarshen wata ne da gaske, wataƙila ba komai. Ga ƙananan lambobi akwai ma'aunin da nake amfani da shi: ɗauki tushen murabba'in adadin da aka saba samu, shi ne girman kai-komon da za ka gani ko babu abin da ya faru. Na 40 ya ɗan haura 6. Ranar da aka sami 34 ko 46 rana ce kamar kowace. Sai abu ya wuce ninki biyu na wannan, ko ya nace kwanaki a gefe ɗaya, sannan nake tashi zaune. Wanda ke samun oda 5 a rana kuwa, kada ya wahalar da kansa da duban kullum, ya tara na mako.

Da a ce babu littafin, da mun dubi matakan sayen, kuma ko da shi ma sai da muka duba, domin su ne ke nuna inda ciwon yake. Shafin Hajiya yana aika saƙo a kowane mataki: `view_item` idan an buɗe kaya, `add_to_cart` idan an sa a kwando, `begin_checkout` idan an fara cike bayanan biya, sai `purchase` a ƙarshe. Idan mutane ne suka ja baya, raguwar daga sama take farowa ta gangaro: masu kallo su ragu, ko masu sa wa a kwando su ragu, na ƙasa su bi su. A wajenta ukun farko ba su motsa ba, `begin_checkout` yana nan wajen 70 a rana. Na ƙarshen ne kaɗai ya rufta.

Sai dai a yi hattara, domin wannan siffar tana da tagwai. Idan hanyar biyan ce ta lalace da gaske, mutum ya danna maɓallin biya ya ƙi tafiya, hoton da rahoto zai nuna iri ɗaya ne sak: sama lafiya, ƙasa rami. Na taɓa ganin wanda ya ga haka ya ce "ai tag ne", ya yi kwana huɗu yana neman gyara a inda babu ɓaraka, alhali masu saye na can suna komawa hannu rabbana. Matakan saye suna nuna maka wurin, amma ba sa bambance mai ƙirga da ya yi barci da ƙofar da ta kulle. Littafin oda ne kaɗai ke raba gardamar. In ya sauka tare da rahoto, ƙofa ce, kuma wannan ta fi gaggawa nesa ba kusa ba. In ya tsaya, mai ƙirga ne.

To, mai ƙirga ne. Amma me ya sa 12, ba sifili ba? Tag ɗin da ya mutu murus ba ya wahalar ganewa, layin yana faɗowa ƙasa kamar an sare shi da gatari, kowa ya san da walakin. Wanda ke ruɗi shi ne mai rabin rai, domin faɗuwarsa tana kama da ta kasuwa. Maganinsa shi ne a daina kallon jimla, a kalli ɗaiɗaiku. Kowane saƙon `purchase` yana ɗauke da lambar oda, `transaction_id`. A sashen `Explore` na jawo `Transaction ID` na kwanakin nan biyar, na sauke su, na jera su kusa da lambobin da ke cikin rumbun shafin, na yi wa waɗanda rahoto bai gani ba alama. Daga nan tambaya ɗaya ce: me ya haɗa ɓatattun? Wani lokaci duk masu iPhone ne, wani lokaci duk masu burauza iri ɗaya, ko masu buɗe shafin da harshe ɗaya. A nan ban ma gama gungurawa ba amsar ta fito. Hajiya na da hanyar biya biyu: a biya mai babur idan kaya sun iso, ko a biya ta waya nan take. Odar biya-a-hannu, kamar 14 a rana, rahoto yana ganin 12 daga ciki, daidai kason da aka saba. Odar biya ta waya, kamar 22 a rana, ko ɗaya babu. Ta ƙarshe da rahoto ya gani ta shigo ranar Talata ne, gab da la'asar.

Samun lokacin nan rabin aiki ne, domin yanzu ana iya tambayar abin da ya sauya a lokacin. Na fara da Tag Manager, a shafin `Versions`, inda ake ganin duk ranar da aka wallafa wani sauyi da wanda ya wallafa. Wata biyu ba a taɓa komai ba. Mutane kan tsaya a nan su ce to ba tag ba ne ke nan. Amma sau da yawa ba tag ɗin ake taɓawa ba, ƙasar da yake tsaye a kai ce ake janyewa. Na kira saurayin da ke kula da shafin, na ce, "Ƙanena, Talata da la'asar me ka taɓa?" Ya ce, "Wallahi yaya ban taɓa Analytics ba. Manhajar biya ta waya kawai na sabunta, tsohuwar tana yawan maƙalewa." Gaskiyarsa ce, kuma aikin da ya yi mai kyau ne.

Ga abin da ya faru. Wanda ya kafa tag ɗin tun farko ya ɗaura shi ne a kan adireshin shafin godiya. Sharaɗin, wanda ke ƙarƙashin `Triggers`, ko `Déclencheurs` ga mai allon Faransanci, cewa yake:

```
Page Path   contains   /commande/merci
```

Masu biya a hannu har yanzu can suke sauka. Sabuwar manhajar kuwa tana mayar da masu biya ta waya zuwa `/paiement/retour`. Shafi ne mai kyau, yana cewa an gode, yana nuna lambar oda, mai saye bai ga wani bambanci ba. Tag ne kawai ke zaune a tsohuwar ƙofa yana jiran mutanen da suka fita ta sabuwa.

Ban yarda da hasashe ba sai na gani da idona, don haka na sayi ɗan maƙalin makulli na fata, mafi arha a shafin, jaka ɗaya. A Chrome na kwamfuta na danna `F12`, na shiga `Network`, na kunna `Preserve log`. Wannan na ƙarshen kada a manta da shi, domin idan aka tafi shafin biya aka dawo, jerin gogewa yake yi in ba a kunna shi ba. A akwatin tacewa na rubuta `collect`. Saƙonnin GA4 suna fita zuwa adireshin da ke da `/g/collect`, kuma sunan abin da ya faru yana cikin `en=`. Na ga `en=begin_checkout` ya fita. Na biya, wayata ta yi ƙara kuɗi sun fita, aka dawo da ni, `en=page_view` ya fita, shi ke nan. Babu `en=purchase`. Wani abin lura: GA4 kan haɗa saƙonni da yawa ya aika su a tafi ɗaya, a lokacin sunan ba ya bayyana a adireshin, sai an buɗe `Payload`. Na buɗe, babu. Da na maimaita da `Preview` na Tag Manager, tag ɗin yana zaune a ƙarƙashin `Tags Not Fired`, da jan gicciye a kan sharaɗin adireshin.

Gyaran gaggawa minti biyar ne, a ƙara sabon adireshin a sharaɗi. Na ƙi tsayawa a nan, saboda duk ranar da aka sake sabunta wani abu za a koma gidan jiya. Abin da ya fi shi ne shafin da kansa ya yi shela idan an tabbatar da biya, ko a wane adireshi ne:

```js
dataLayer.push({
  event: 'purchase',
  ecommerce: {
    transaction_id: '10482',
    value: 15000,
    currency: 'XOF'
  }
});
```

Sai a mayar da sharaɗin ya zama `Custom Event` mai suna `purchase`. Na taƙaita misalin, a aikin gaske ana ƙara jerin kayan a cikin `items`. A kula da rubutun sunan, domin `Purchase` da `purchase` abu biyu ne daban a wajen GA4. Kuma a tabbatar shelar ba ta fita sai kuɗi sun tabbata, domin wasu manhajojin biya shafi ɗaya suke mayar da wanda ya biya da wanda biyansa ya gaza. In ba a kula ba, an gudu daga rashin ƙirga an faɗa ƙirgan ƙarya.

Ba masu kwandon saye kaɗai abin ke samu ba. Ƴan kasuwarmu da yawa ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, abin da suke ƙirgawa shi ne danna koren maɓallin. Sharaɗin yakan ce adireshin da aka danna ya ƙunshi `wa.me`. Ranar da aka sauya maɓallin da wanda ke amfani da `api.whatsapp.com`, ƙirga ya tsaya cak, waya kuwa tana ta ƙara. Littafin irin wannan ɗan kasuwa shi ne yawan sababbin lambobin da suka yi masa sallama a rana.

Akwai kuma faɗuwar da ba ciniki ba ce, ba tag ba ce, gaggawa ce kawai. GA4 kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin lambobin rana su zauna, saboda haka jiya kullum ramammiya take fitowa. Google Ads kuma, a ginshiƙinsa na `Conversions`, yana rubuta ciniki a ranar da aka danna tallar ne, ba ranar da aka biya ba, don haka kwanakin baya-bayan nan sai a hankali suke cika. Wanda ya buɗe rahoto da asuba ya ga jiya ta faɗi, ya sha shayinsa tukuna. In yana son sanin ko tag na numfashi a yanzu, `Realtime` na nuna minti 30 da suka wuce, ya yi sayen gwaji ya gani.

Abin da ya fi ba Hajiya haushi shi ne da na gaya mata kwanakin nan ba za su dawo cikin rahoto ba. Saƙon da ba a aika ba, babu inda yake ajiye. Akwai hanyar cusa ciniki daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ana kiranta `Measurement Protocol`, amma ba ta karɓar abin da ya wuce awa 72, kuma ga shago irin nata wahalar ta fi amfanin. Ramin zai zauna, sai dai a rubuta a ajiye cewa daga Talata zuwa Litinin ƙirga ya lalace, don kada baɗi wani ya kwatanta ya yi murnar ciniki ya ninka.

Inda ramin ke cin kuɗi da gaske shi ne talla. Tallarta a Google tana kan tsarin da ke daidaita farashin kansa bisa cinikin da aka ba shi rahoto. Kwana shida ana gaya masa masu biya ta waya ba sa saye, shi kuma abin da aka gaya masa yake koyo. Google Ads na da wurin da ake kira `Data exclusions` don irin wannan, inda ake ce wa tsarin ya yi watsi da wasu kwanaki. Tun da ranar danna talla ake lissafi, na fara cirewar daga kwana biyu kafin Talatar, domin a shagonta yawancin masu saye a cikin kwana ɗaya ko biyu suke yanke shawara, kuma wanda ya danna Lahadi ya biya Laraba shi ma ya ɓata.

Kafin in tafi na buɗe mata takardar lissafi mai ginshiƙi huɗu: rana, odar littafi, cinikin rahoto, sai kaso da `=C2/B2*100`. Ƴarta da ke zama a shago ce ke cikewa kowace safiya, amma na shekaranjiya take sakawa, ba na jiya ba. Na ce in kason ya sauka ƙasa da 65 kwana biyu a jere, ko ya haura 100, wanda alama ce ta ana ƙirga abu sau biyu, a kira ni. Lambar 65 ba doka ba ce, daga yawon da kasonta ya saba yi na ciro ta, kowane shago da nasa. GA4 na da `Custom insights` da ke aiko da wasiƙa in lamba ta faɗi, na kunna shi, amma shi ma ta bakin tag yake ji, ba zai iya gaya maka ko ciniki ne ya faɗi ko ƙirga ba. Saurayin shafin kuma muka yi yarjejeniya: duk ranar da ya taɓa wani abu da ya shafi biya, zai yi sayen gwaji ta kowace hanya, a hannu da ta waya, ya ga `purchase` ya fita kafin ya rufe kwamfutarsa.

Ranar Alhamis yarinyar ta turo mini hoton takardar. Layin Talata, rana ta farko cikakkiya bayan gyara: littafi 38, rahoto 31, kashi 82. Hajiya ta bi da saƙon murya tana tambaya ko in zo in karɓi maƙalin makullina, ko a bai wa mai babur ya kawo mini.